Maniyyaci, ka san ma'anar abin da za ka je yi?

A ganina, yawancin maniyyatanmu na Dawakin Kudu da Kura da Bunkure suna fitowa daga bita da haddar jerin ayyuka, amma ma'anarsu ba ta zauna musu ba. Wanda kuwa bai san ma'anar aiki ba, ba ya bambance wanda za a gyara da yanka da wanda ke rusa Hajji ɗungurungum.

Harama niyya ce, ba farin yadi ba. Wanda ya fara sauka Madina zai ƙulla ta a Zul-Hulaifa, ya tuɓe ɗinkakkun tufafi, ya bar turare da aski. Gyauto da mayafin nan suna tuna masa likkafani, domin a cikinsu ba a gane attajiri da ɗan ƙwadago. Ɗawafi, wato kewaya Ka'aba sau 7 tana hagunsa, shaida ce cewa rayuwarsa alƙibla guda gare ta.

Sa'ayi kuwa, ban ga wanda ya kamata ya fi manomin rani fahimtarsa ba. Sawun Nana Hajara ake bi, lokacin da take kai da kawo tana nema wa jaririnta Isma'ila ruwa. Ana farawa daga Safa, a ƙare zuwa na 7 a Marwa. Ta yi iyakar ƙoƙarinta a tsakanin duwatsun, amma Zamzam a wajen jaririn ya ɓuɓɓugo. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin kwata yana jiran ruwan Tiga ya iso shinkafarsa ya san wannan hali.

Sai Arfa, ranar 9 ga Zulhajji, wadda ita ce zuciyar aikin. Ba ɗawafi, ba jifa, sai addu'a da tuba, cikin taro mai kama da na ranar hisabi. A nan ne kuskure ya fi tsada. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, rukunin shi ne mutum ya kasance cikin Arfa ko da ɗan lokaci ne bayan faɗuwar rana. Mu ƙaddara alhaji ya wuni yana addu'a, zafi ya gallabe shi, ya fita bayan la'asar, bai kuma komo ba har alfijir ya keto. A wannan mazhaba Hajji ya kuɓuce masa, rago ba zai gyara ba. Haka ma wanda ya yi zamansa a sashen gaba na masallacin Namira bai matsa ba, domin wurin yana wajen iyakar Arfa. Sai a riƙa duba allunan da ke nuna iyaka.

Jifa a Mina koyi ne da Annabi Ibrahim, alaihis salam, wanda ya ƙi bin ruɗin Shaiɗan. Tsakuwa 7 ranar 10, sannan 21 a kowace rana ta 11 da 12. Babu wani Shaiɗan da ke ɗaure a wurin, saboda haka wurga takalmi da zage-zage ba ibada ba ne. Wanda jifa ya kuɓuce masa, yanka ya hau kansa, amma Hajjinsa yana nan.