Rumbun na Amazon ne, amma bankin aka ci tara

A ranar 29 ga Yuli, 2019, bankin Capital One na Amurka ya sanar cewa an kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada, galibinsu waɗanda suka taɓa neman katin bashi. Ba a cikin ginin bankin bayanan suke ba. Suna ajiye ne a kwamfutocin da ya yi haya wurin AWS, reshen Amazon mai bayar da hayar rumbunan bayanai ta intanet. Amma da hukuma ta tashi hukunci a 2020, bankin ta ci tarar dala miliyan 80, ba Amazon ba.

Dalilin yana cikin tsarin da masu wannan sana'a ke kira rabon alhakin tsaro. Kamar hayar shago ce a kasuwa: mai kasuwa shi ke da katanga da rufi da mai gadin ƙofa, amma kwado da makullin shago na ɗan haya ne. A ɓangaren kamfanin da ke bayar da haya, irin su Amazon da Microsoft da Google, akwai tsaron gine-gine da injuna da lantarki da wayoyin sadarwa, da kuma manhajar da ke raba injin guda tsakanin 'yan haya da yawa ba tare da wani ya leƙa kayan wani ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wanda ya yi hayar kwamfuta tsurarta, irin ta EC2, shi zai riƙa sabunta manhajarta, ya toshe ɓarakarta, ya tsara wace ƙofa za ta buɗe ga intanet. Wanda ya yi hayar abin da aka gama haɗawa, kamar Gmail na ofis, an ɗauke masa wannan nauyi. Sai dai ko wace irin haya aka yi, akwai abin da ba ya barin wuyan ɗan haya: bayanansa, da asusun ma'aikatansa, da yanke shawarar wa zai taɓa me.

A nan Capital One ya yi tuntuɓe. Bankin ya girka wata manhaja mai tace saƙonnin da ke shigowa shafinsa, amma ba a saita ta daidai ba. A watan Maris na 2019, Paige Thompson, injiniyar da ta taɓa aiki a Amazon, ta yaudari manhajar ta aika tambaya zuwa adireshin 169.254.169.254. Wannan adireshi ne na cikin gida, wanda kowace kwamfutar EC2 ke tuntuɓa don karɓar makullinta na wucin gadi. Manhajar ta karɓo makullin, ta miƙa wa baƙuwa.

Da makullin nan iya aikin tacewa kawai yake buɗewa, da ɓarnar ta tsaya nan. Amma an ba shi izinin da ya fi ƙarfin aikinsa. Da shi ta jero ma'ajiyoyin bankin sama da 700 a sashen ajiya na S3, ta kwafi abin da ke ciki. Bankin ya rufe bayanan da lambobin sirri, to amma mai riƙe da makulli na halak buɗe masa ake yi. A idon injunan Amazon babu wanda ya fasa komai: an nuna makulli, an sami izini.

Abin da ya fi ban takaici shi ne wata huɗu aka yi ba wanda ya lura. AWS na rubuta umarni irin na jero ma'ajiyoyi a wani kundi mai suna CloudTrail, amma karanta kundin aikin ɗan haya ne. Makullin da bai saba jero ma'ajiyoyi ba ya wayi gari yana jero ɗaruruwa, daga adireshin da ba na banki ba, ai wannan ya isa ya tayar da mai barci. Sai a tsakiyar Yuli wani daga waje ya ga alamun satar a GitHub, ya aika wa bankin imel.

A ganina Amazon ma ba ta fita fes ba. A wancan lokacin, adireshin nan na cikin gida yana amsa wa duk wanda ya tambaya daga cikin kwamfutar, ba ya neman wata shaida, kuma masana tsaro sun daɗe da sanin haka. A Nuwamban 2019 kamfanin ya fito da sabon salo, IMDSv2, wanda sai an fara karɓar tikitin shiga kafin a ba da makulli. Amma ga kwamfutocin da ke aiki tun da can, tilasta amfani da sabon salon an bar shi a hannun 'yan haya, kowa ya shiga saitinsa ya kunna da kansa.