Yadda za ka haɗa wa ɗan'uwa jagorar girka manhaja da hotuna, ba tare da ya kwaso tarkace ba

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke gidajenmu a Maradi, Damagaram ko Tawa saƙo ne daga ƴan'uwa da ke Abijan, Aljeriya, Libiya ko Faransa. Wanda ya aiko ita shi ake sake kira duk ranar da ake son girka wata manhaja, wato lojisiyel, kamar ta buɗe takardun PDF ko ta juya bidiyo. Amsar da aka saba ji ta waya ita ce: "Ka yi ta danna Suivant har ya ƙare." Wannan amsar ce ke cika ordinatar da tarkace. Cikin tagogin da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya lokacin girkawa, sau da yawa akwai wadda ba ta manhajar da kake so ba ce, talla ce ta wata manhaja dabam, kuma an riga an sa mata maki a ɗan akwatinta. In ba ka cire makin ba, abin da yaran sibar ke cewa dekoshe, to ka yarda ke nan.

Kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke yin haka ba. Shekaru da dama, har zuwa 2015, mai girka Java na kamfanin Oracle yana zuwa da Ask Toolbar da makinsa a kai, abin da ke canza wa mutum wurin bincikensa a intanet. Shafin sauke Adobe Reader ya daɗe yana tallar McAfee Security Scan Plus. A watan Maris na 2015 kuwa masu amfani da uTorrent suka yi ta kuka cewa wata manhaja mai suna Epic Scale ta biyo shi, tana cin ƙarfin kwamfuta wajen haƙar kuɗin intanet. Masu manhajar kyauta ana biyansu ne a kan duk wanda ya girka abin da suka tallata, shi ya sa makin ke zuwa a shirye.

Maganin da ya fi dogon bayani ta waya shi ne ka girka manhajar da kanka, ka ɗauki hoton kowace taga, ka mai da hotunan jagora. Sai dai tarin hotuna kawai ba jagora ba ne. Bari mu ɗauki misali: manhajar juya bidiyo ta kyauta mai tagogi takwas, a kan Windows 10 na Faransanci, ana so a aika wa ƙane a gida wanda bai taɓa girka komai ba.

Ɗaukar hoton ba wuya. `Alt` tare da `Impr écran` na ɗaukar tagar da kake ciki ita kaɗai, sai ka liƙa a Paint. `Windows` da `Maj` da `S` kuma na ba ka damar zaɓen yankin da kake so. Ka ɗauki tagar kaɗai, kar ka ɗauki allon gaba ɗaya, don a salula za a kalla, kuma in allon duka ne rubutun zai koma kamar tururuwa. Taga ɗaya ce za ta ƙi ɗaukuwa: ta farko, wadda allo ke dushewa Windows ya tambaya "Voulez-vous autoriser cette application à apporter des modifications à votre appareil ?". Da gangan Windows ke keɓe wannan tagar, maɓallan ɗaukar hoto ba sa aiki a kanta. Ka ɗauke ta da salularka. Kar ka tsallake ta, domin a nan ne ake ganin layin "Éditeur vérifié" da sunan kamfanin da ya yi manhajar. Ka zagaye sunan, ka rubuta wa ƙanenka: in naka ya nuna wani suna dabam, ko ya ce "Inconnu", danna "Non" ka kira ni.

Taga ta biyu zaɓen harshe ce, ta uku kuma yarjejeniyar manhajar, inda dole a danna "J'accepte" kafin a wuce. Waɗannan layi ɗaya ya ishe su.

A ta huɗu ake fara wasan. Za a ba ka zaɓi biyu, "Installation rapide (recommandée)" da "Installation personnalisée", a kwamfutocin da suka shigo ta Jibiya ko Kano kuma za ka ga "Express" da "Custom". Sabon shiga in ya ga an ce wannan ce shawarar masu abin, can zai bi. Amma ta saurin ita ce ke ɓoye akwatunan, ta girka komai ba tambaya. A jagorarka ka ce a zaɓi "personnalisée", ka ƙara masa da cewa ba ta fi wuya ba, tana dai nuna abin da ɗayar ke ɓoyewa.

Da an zaɓe ta, taga ta biyar ta fito da akwatuna huɗu, duka da maki: ɗaya na sa alamar manhajar a kan allo, ɗaya na cewa ita za ta riƙa buɗe duk bidiyo, ɗaya na tashinta duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ɗaya kuma na canza shafin farko na intanet. A nan ne masu haɗa jagora suka fi ɓata aiki, ta hanya biyu. Wasu su aika hoton yadda tagar ta fito, da makinta duka, su rubuta a ƙasa "cire na uku da na huɗu". Mai koyo kuwa hoto yake bi, ba rubutu ba. Ya dubi allonsa, ya dubi hoton, ya ga sun yi daidai, ya danna "Suivant". Don haka irin wannan taga hoto biyu take buƙata: na farko yadda ta fito, da jan zobe a kan akwatunan da za a taɓa, na biyu bayan an cire makin, da rubutu babba: "Sai naka ya koma haka kafin ka wuce." Wasu kuma su ce a cire duk wani maki da aka gani. Wannan ma ba daidai ba ne. In aka cire na "Créer un raccourci sur le Bureau", ƙanen zai gama girkawa ya nemi manhajar a allo ya rasa, ya ɗauka ba ta shiga ba, ya sake farawa daga tushe. Kowane akwati ka faɗa masa cikin Hausa abin da yake yi. Na farko a bar shi. Na biyu ganin dama ne. Na uku a cire, don kwamfuta mai memuwar giga 4 ba ta jure manhajoji da yawa suna tashi tare. Na huɗu a cire ba shawara.

Taga ta shida ita ce mafi haɗari a ganina, domin ba ta da akwati ko ɗaya. Kamarta ɗaya da ta uku: dogon rubutu, ga "Accepter" a ƙasa daidai inda "Suivant" yake zama, ga "Refuser" a gefe da launi mai dushe-dushe. Amma in ka karanta sama, sunan da ke wurin ba na manhajar juya bidiyo ba ne, na wani antibirus ne ko wata manhajar "share kwamfuta". Mutane na tsoron "Refuser" don suna zaton zai tsai da aikin. Ba ya tsai da shi, tallar kawai yake ƙi, girkawa ta ci gaba. Wanda ke soke komai shi ne "Annuler". Wannan bambancin ka rubuta shi ɓaro-ɓaro, ka sa hoton taga ta uku da ta shida kusa da juna, ka zagaye sunan da ke saman kowacce.

To ga inda hoto ke da iyaka. Yawancin waɗannan tallace-tallace ba a cikin manhajar suke zaune ba, daga intanet ake jawo su a daidai lokacin girkawa, kuma suna canzawa bisa ƙasar da kake, da ranar, da abin da ke cikin kwamfutarka tuni. Kai da ke Faransa za ka iya ganin tallar antibirus, ƙanenka a Tasawa ya ga ta wata manhajar shiga intanet, ko ya ga biyu, ko kar ya ga ko ɗaya. In jagorar ta ce masa kawai "a taga ta shida danna kaza", ranar da tasa ta bambanta zai rikice. Saboda haka a saman jagorar, kafin hoto na farko, ka rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta da ranar da ka ɗauki hotunan, sannan ka ba shi ma'auni guda da zai yi aiki ko tagar ta canza: duk tagar da ta ambaci sunan da ba na manhajar da muke girkawa ba, a ƙi ta, a nemi "Refuser", "Decline" ko "Skip". In kuma abin bai gane ba, ya ɗauki hoton allon da salula ya turo, tagar ba ta gudu, tana jira.

Ta bakwai jira ce kawai. Ta takwas mai "Terminer" a dube ta da kyau, don wasu na ɓoye akwati na ƙarshe a nan, lokacin da mutum ya saki jiki.

Kafin ka aika, ka sake duba hotunan ko akwai abin da bai kamata ya yaɗu ba. Tagar zaɓen wurin girkawa kan nuna sunanka cikin `C:\Users\`, wata kuma kan nuna adireshin imel ko lambar lasisi. Ka shafe su da baƙi a Paint, domin jagora mai kyau daga gurup zuwa gurup take yawo. Lambar kowane hoto ka rubuta ta a jikin hoton, ba a saƙon da ke ƙasa ba, saboda in an tura wa wani, rubutun kan ɓace, jerin ma ya hargitse. Abin da ya fi shi ne ka jera su a Word, hoto ɗaya da jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, ka adana a matsayin PDF, ka tura ta WhatsApp ta hanyar "Document", don hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi har ƙananan rubutu su dushe. Ga wanda karatun boko bai zauna masa ba, ka bi da saƙon murya kana kiran lamba: "Hoto na biyar, ka ga jan zobe biyu?"

Shafin ƙarshe na jagorar ya zama na bincike. Ya danna `Windows` da `R`, ya rubuta wannan:

```
appwiz.cpl
```

Jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar zai fito. Ya danna kan "Installé le" don su jeru bisa rana. A ranar yau suna ɗaya ya kamata ya gani, ko kuma tare da wani abu na Microsoft irin "Visual C++ Redistributable", wanda manhajoji da yawa ke buƙata, shi a bar shi. In ya ga baƙon suna, ya turo hotonsa kafin ya danna "Désinstaller". Daga nan ya buɗe Chrome ko Firefox ya ga ko shafin farko na nan yadda yake. In ya canza, ko talla ta fara faɗowa a kusurwar allo, ko forfen intanet ya fara ƙarewa da wuri ba dalili, to wani maki ya tsallake, sai a koma hoto na biyar da na shida a ga inda aka rabu.