Hoton Fuska da Hoton Bango: Wa Zai Gani?

Mai ɗaukar ma'aikata a LinkedIn yakan fara ganin hotonka ne a cikin jerin sunaye, ɗan da'ira da bai fi kan yatsa ba a fuskar waya. Shi ya sa hoton da aka ɗauka a tsaye, tun daga hula har takalmi, ba ya amfani a nan, domin idan ya ƙanƙance fuskar ɓacewa take yi. A ɗauka daga kafaɗa zuwa sama, fuska ta cinye fiye da rabin hoton, kuma girmansa ya kai fiksel 400 tsawo da faɗi. A bar ɗan fili a gefe, saboda da'irar tana yanke kusurwoyi huɗun.

Mu ɗauki matashi mai haɗa sola a Kano, wanda ke neman kwangila a wajen kamfanoni. Hotonsa mafi kyau na ranar ɗaurin auren abokinsa ne, ga babbar riga ga baƙin tabarau, ga kafaɗar wani da aka yanke a gefe. Babbar riga ba laifi ba ce. Da akawu ne ko malamin jami'a, kaftani da hula sun wadatar, haka ma mayafi ko hijabi ga mace, muddin fuska a bayyane take. Amma manajan da zai damƙa wa mutum rufin ma'aikatarsa so yake ya ga wanda ya saba da aikin. Rigar aiki mai tsabta ta fi dacewa da matashin, kuma ya cire tabarau. Ya ɗauki hoton da hantsi a inuwa, yana fuskantar haske, domin ranar tsaka tana jefa duhu a ƙarƙashin idanu, musamman in akwai hular kwano a kai.

Hoton bango, wato dogon hoton da ke saman shafi, shi ne wurin nuna aikin kansa. Ma'auninsa a LinkedIn fiksel 1584 a faɗi, 396 a tsawo, don haka hoton da aka ɗauka da waya a tsaye ba zai shiga ba sai an datse mafi yawansa. Ya kwantar da wayar, ya ɗauki jerin farantan sola da ya kafa da hannunsa, bayan ya nemi izinin mai gidan. Hoton da aka kwaso daga intanet, mai jan rufi irin na Turai, duk wanda ya san gine-ginen Kano zai gane aro ne.

In zai sa rubutu, kalmomi kaɗan sun isa, a ɓangaren dama, domin hoton fuska yana rufe ƙasan hagu. Lambar waya da aka ajiye a can takan rasa rabinta. Bayan ya ɗora, ya buɗe shafin a waya da kuma kwamfuta, tunda girman wurin da ke rufewa ba ɗaya ba ne.