Allurar mata masu ciki ba ta hana haihuwa

Mu ma'aikatan kiwon lafiya muna jin wata magana tana yawo a bakin rijiya da kasuwa. Ana cewa allurar rigakafin da ake yi wa mata ranar awo, wadda muke kira lamba, maganin hana haihuwa ce aka ɓoye. Masu faɗin haka suna da tambaya biyu. Don me mata kaɗai ake nema? Don me kuma ake maimaita ta har sau 5? Tambayoyin suna kan hanya, kuma za mu amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon da ake tsoro

Wannan allura ta ciwon dahi ce, wanda likitoci ke kira tetanos, wasu kuma su ce sarƙe-haƙora. Ƙwayar ciwon tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ba a ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum. Ta rauni take shiga jiki, kuma cibiyar jinjiri sabon haihuwa rauni ce. In an yanke cibiya da tsohuwar reza, ko aka ɗaure ta da zare mai dauɗa, ko aka shafa mata toka ko ƙasa, an buɗe wa ciwon ƙofa.

Iyayenmu mata sun san alamunsa. Jinjiri ya zo lafiya, yana kuka, yana shan nono kwana 2 na farko. Daga kwana na 3 zuwa na 28, sau da yawa daf da ranar suna, sai ya kasa kama nono domin bakinsa ya ɗaure. Jikinsa ya sandare, yana zabura in an taɓa shi ko ya ji ƙara. Mafi yawan jinjirayen da ciwon ya kama ba su tashi. Duk wanda ya ga waɗannan alamu, ya kai jinjiri likita nan take.

Don me mata?

Ba a yi wa jinjiri allurar dahi ranar haihuwa. Sai ya kai mako 6 ake fara yi masa, alhali ciwon cibiya yana zuwa tun makon farko. To, wa zai tsare shi kafin nan? Uwarsa.

In an yi wa mace allurar, jininta yana haɗa abin da ke kashe dafin ciwon. Wannan kariya tana bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki, sai ya zo duniya da garkuwarsa. Uba ba shi da wannan hanya ta jini zuwa ga ɗan. Shi ya sa ake neman mata masu ciki da waɗanda suka isa haihuwa, daga shekara 15 zuwa 49. Ita ma uwa tana samun tsari daga dahi wajen haihuwa ko ɓari.

Ba mata kaɗai ke karɓar wannan magani ba. Yana cikin allurar da ake yi wa kowane yaro, namiji da mace, a mako na 6 da na 10 da na 14. Manomin da hauya ta sare shi, ko ya taka ƙusa, shi ma akan yi masa in ya zo likita.

Me ke cikin kwalbar?

Dafin ƙwayar ciwon ne aka kashe ƙarfinsa, har ba ya iya cutar da kowa. Jiki ya gan shi, ya koyi yaƙarsa. A yau ana haɗa shi da rigakafin wani ciwon maƙogwaro mai suna difteriya. Babu maganin tsarin iyali a ciki.

Allurar tazarar haihuwa daban take, da kwalbarta da sunanta. Mace ce ke neman ta da kanta. Wadda aka fi sani duk wata 3 ake sake ta, domin ƙarfinta ƙarewa yake yi, kuma in an daina, haihuwa tana dawowa. Sa'an nan mu duba: allurar dahi, mai ciki ake yi wa. Ta haihu, ta yaye, ta sake dawowa awo da wani ciki, karnenta a hannu. Kowa yana iya duba matan garinsu da aka yi wa ita, ya ƙirga ƴaƴan da suka haifa bayan nan.

Don me sau 5?

Allura ɗaya ba ta isa tsaro ba. Kamar yaɓen ɗaki ne: na farko kama ƙasa yake yi, na bayansa ke tare ruwa. Mu ɗauki misalin macen da ba a taɓa yi wa ba, ta zo awo a watan Yuni da ciki wata 4.

Ranar nan za a yi mata ta 1 a dantse. Bayan mako 4, cikin Yuli, sai ta 2. Da wannan ta 2 kariya ke farawa, ga ita da ɗan da za ta haifa a Nuwamba. Wata 6 bayan ta 2, wato a Janairu, sai ta 3, mai tsaro kamar shekara 5. Bayan shekara guda sai ta 4, mai kai shekara 10. Bayan wata shekarar kuma sai ta 5, wadda ke tsare ta har ƙarshen shekarunta na haihuwa.

Da wannan mace ta jira sai wata na 9 kafin ta zo, allura ɗaya kawai za ta samu, jinjirinta kuma ya zo ba cikakken tsaro. Ana son ta 2 ta riga haihuwa da mako 2 ko fiye. In kuwa ranar komawa ta wuce saboda aikin gona ko tafiya, ba a sakewa daga farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba. Don haka a adana karne wurin da gara da ruwa ba su kai ba.

Abin da ba mu ɓoyewa

Wurin allurar yana iya yin zafi ko ɗan kumburi kwana 1 ko 2, wata kuma ta ji masassara kaɗan. Wannan yana wucewa. In kumburin yana ƙaruwa ko ya yi ruwa, a dawo mu gani. Kuma allura ba ta ɗauke wajibcin tsabta: a haihu a likita, a yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata komai sai abin da likita ya bayar.

Rashin haihuwa gaskiya ne, kuma yana da zafi. Yana zuwa daga ciwon sanyi da ba a yi magani ba, ko ciwon mahaifa bayan haihuwa ko ɓari. Wani lokaci kuma daga wajen miji yake. Mata da miji su zo tare a duba su.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 dahi ya kashe jinjirai wajen 787,000 a duniya. A 2018 sun sauko wajen 25,000. A 2016 aka shaida cewa a Nijar ciwon ya ragu, bai kai jinjiri 1 cikin 1,000 ba a kowane yanki. Amma ƙwayar tana nan cikin ƙasarmu, ba ta ƙarewa. In aka bar allura, ciwon zai dawo.

Maigidan da ke da shakka, ya rako iyalinsa ranar awo. Ya nemi a nuna masa kwalbar, ya karanta sunan da ke jikinta da kansa, ya yi tambayarsa. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa.