Baki ya motsa, murya ta makara: yadda ake gano ciwon da maganinsa

A ɗauki misalin mai tace bidiyo da aka kawo wa karatun awa ɗaya. Kyamara ta ɗauki hoton malam, sautin kuma an naɗe shi daban daga na'urar lasifikar masallaci domin ya fita tsaf. Ya haɗa su, ya kalli mintin farko, ya ga komai daidai, ya fitar da aikin. Washegari mai aikin ya kira: a ƙarshen karatun malam ya shafa addu'a, har ya sauke hannu, amma murya tana nan tana jan addu'ar.

Abin da yawancin masu tacewa ke yi a nan shi ne su ja layin sautin baya har ƙarshen ya daidaita. Sai farkon ya lalace. Dalili kuwa, matsalar ba iri ɗaya ba ce, iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Saboda haka kafin a taɓa komai, awo ake fara yi.

Ana neman wurare uku, farko da tsakiya da ƙarshe, inda ido da kunne za su iya haɗuwa a kan abu guda: tafi, rufe ƙofa, ko inda leɓɓa ke haɗuwa a kan harafin b ko m. Manhajar VLC tana sauƙaƙa wannan. A kwamfuta mai Windows, maɓallin K yana jinkirta sauti, J kuma yana gaggauta shi, kowace dannawa da kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, ana kuma ganin jimillar a kan allo. Sai dai wannan gyaran kallo ne kawai, ba ya shiga cikin fayil. A kuma cire abin kunne na Bluetooth lokacin awon, domin shi kansa yana makarar da sauti, ya sa mutum gyaran abin da bai lalace ba.

Idan tazarar iri ɗaya ce a wuraren uku, an yi sa'a. Sauti da hoto suna gudu ɗaya, tashinsu ne kawai ya bambanta, kuma jan layin ya wadatar. Wanda fayil ɗinsa ya riga ya fita zai iya gyarawa da FFmpeg ba tare da hoton ya ragu ba. Wannan umarni yana jinkirta sautin da ya riga hoto da sakan 0.4:

```
ffmpeg -i karatu.mp4 -itsoffset 0.4 -i karatu.mp4 -map 0:v -map 1:a -c copy gyara.mp4
```

Ciwon mai karatunmu kuwa daban ne. Da ya auna, a farko babu tazara, a minti 30 murya ta makara da sakan 1.8, a ƙarshe da sakan 3.6. Tazarar tana ƙaruwa a kan ƙa'ida, rabi a tsakiya, ninki a ƙarshe. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wannan lamba da gani.

Asalinta Amurka, a 1953. Lokacin da aka shigar da launi cikin talabijin ɗin ƙasar, injiniyoyi sun rage gudun hoto kaɗan, daga hotuna 30 a sakan zuwa 29.97, domin siginar launi kada ta yi karo da ta sauti. Talabijin ɗin Najeriya da na Nijar a kan 25 suka tashi, amma kyamarori da yawa da ke kasuwa suna zuwa ne a saitin Amurka, har wasu su rubuta 30 a allo alhali 29.97 suke ɗauka. Idan wata manhaja ta ɗauki wannan hoto ta jera shi a matsayin 30 cif, zai yi gudu da ƙarin kashi ɗaya cikin dubu. Awa ɗaya sakan 3600 ce, kashi ɗaya cikin dubunta kuwa 3.6. Haka lissafin yake tsakanin 23.976 da 24.

Wannan ne ma ya sa mintin farko ya yaudare shi. A ƙarshen minti ɗaya tazarar ba ta wuce sakan 0.06 ba. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1998 ta nuna cewa mai kallo yakan fara lura idan sauti ya makara da kusan sakan 0.125, amma idan sautin ne ya riga hoto, 0.045 ma ta isa. Ɗan'adam ya saba ganin walƙiya kafin ya ji tsawa, don haka yana yi wa makararren sauti uzuri, ba ya yi wa mai gaggawa.

Gyaran da ya fi tsafta shi ne a koma cikin manhajar tacewa a gaya mata ainihin gudun hoton. A Premiere Pro, wurin yana ƙarƙashin Modify, sannan Interpret Footage. Idan aikin asali ya ɓata, sai fayil ɗin da aka fitar, to sautin za a ƙara wa gudu. Ana raba lokacin da aka ji abu da lokacin da aka gan shi: 3600 a raba da 3596.4, ya ba da 1.001.

```
ffmpeg -i karatu.mp4 -c:v copy -af atempo=1.001 -c:a aac gyara.mp4
```

Kunne ba zai ji muryar malam ta sauya ba. Wannan lissafi yana aiki ko da tazarar ba 3.6 ba ce, misali idan agogon cikin rikoda da na kyamara ne suka ɗan saɓa, abin da ke faruwa a doguwar ɗauka. Amma idan muryar ta yi siriri, kuma sautin awa ɗaya ya ƙare tun wajen minti 55, wannan wani abu ne: an naɗe shi a 44,100 an karanta shi a 48,000. A mayar da shi 48,000 da Audacity kafin a shigar da shi.

Na ukun ya fi ɓata rai, kuma shi ya fi yawa yanzu da waya ta zama kyamarar biki da ta gajerun finafinai. Tazarar ba ta bin ƙa'ida: ta ƙaru, ta tsaya, ta yi tsalle. Waya ba ta riƙe gudu ɗaya. Idan haske ya ragu a zauren biki ko ta yi zafi a hannu, takan rage yawan hotunan da take ɗauka, ta rubuta wa kowane hoto lokacinsa. Manhajar kallo tana bin wannan rubutu, shi ya sa bidiyon ke tafiya lafiya a wayar. Wasu manhajojin tacewa da na sauya fayil kuwa suna ɗauka tazarar hotunan ɗaya ce, sai lissafi ya rushe.

Ana tabbatarwa da MediaInfo, wadda kyauta ce. Idan layin Frame rate mode ya nuna Variable, an kama ɓarawon. A nan jan layi ko ƙara gudu ɓata lokaci ne, haka ma yayyanka sauti gunduwa-gunduwa da wasu ke kwana suna yi. A koma ga ainihin fayil ɗin da ya fito daga wayar, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba, a buɗe shi a HandBrake, a shafin Video a zaɓi gudun da aikin ke kai, a danna Constant Framerate. Manhajar za ta maimaita wasu hotuna ta zubar da wasu domin kowane ya faɗa lokacinsa. Da yake sake matse hoto ake yi, a sa lambar RF wajen 18 don kada ya dusashe. Sabon fayil ɗin ake sakawa a madadin tsohon cikin aikin, sannan a duba kowace yanka, domin wasu sukan gusa kaɗan.

Masu ɗauka ma suna da nasu rabon. Tafi ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, wani kuma kafin a kashe, yana ba mai tacewa maki biyu da zai yi awo da su cikin minti biyu, maimakon ya zauna yana farautar leɓɓan malam a minti na 58.