Biyan bashin alƙaluma bayan layi ya dawo

A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, amma ƙauyuka irin Dareta da sauran yankin Anka, Gummi da Bukkuyum sai ƙarshen Nuwamba. Duk ɗakin shan maganin da bai rufe ba ya ci gaba da cika rajista, alhali ba hanyar tura rahoton wata zuwa DHIS2, rumbun alƙaluman lafiya na ƙasa.

Da layi ya dawo, abin da ke fara zuwa wa jami'in alƙaluma shi ne ya tura komai a tashi guda. Nan ake yin ɓarna. Babban fayil a kan layi mai rauni yakan yanke a tsakiya, ba a san abin da ya shiga ba, ga rahoton sabon wata ya maƙale a bayansa. Mai bashin hatsi ba ya hana gidansa tuwon yau don ya biya na bara. Rahoton da lokacinsa ya yi a bar shi ya tafi a ranarsa, tsohon kuma a ware masa hanyarsa.

A ɗauka ƙaramar hukuma na da asibitoci 30, kowanne da alƙaluma 500 a wata. Bashin wata uku ya kama 45,000. A yanka shi asibiti ɗaya, wata ɗaya, ya zama ƙunshi 90. A riƙa tura 30 kowace yamma bayan an tashi aiki, da hutun minti ɗaya tsakani, a tsaya kafin na'urar DHIS2 ta fara haɗa jadawalin nazari da dare. Kwana uku an gama. Duk ƙunshin da ya shiga a rubuta shi a takarda, don in layi ya ɗauke a ɗora daga inda aka tsaya.

Kafin turawa ta gaske a gwada:

```
POST /api/dataValueSets?dryRun=true&importStrategy=CREATE
```

Ni dai `CREATE` na fi yarda da shi a nan, domin ba ya taɓa abin da ya riga ya shiga. Mai yiwuwa wani ya kai takardun Satumba Gusau tun a Oktoba, an shigar har an yi gyara. Bai kamata tsohon kwafi ya danne gyaran ba.

Sai a karanta amsar da na'urar ta bayar. In an tura 500, lallai `imported` da `ignored` su haɗu su ba da 500. Idan duka suka faɗa `ignored` alhali ba wanda ya shigar da su a baya, galibi wa'adin shigar da rahoton watan ne ya wuce aka kulle shi, sai mai kula da rumbun ya buɗe wa asibitin wannan watan kaɗai. Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne a zuba aikin Satumba da Oktoba a ƙarƙashin Nuwamba. Alamarsa a jadawali: wata biyu fayau, na uku kuma zazzaɓin cizon sauro ya ninka uku, har a ɗauka annoba ce ta ɓarke.