Gawar Layuka a Rumbun Bayanai

A rumbun adana bayanai na PostgreSQL, idan ka goge layi a tebur, bai tafi ba. Alama kawai aka yi masa cewa ya mutu, yana nan kwance a faifai. Haka ma gyara: sabon layi ake rubutawa, a bar tsohon.

Mai sharar wannan gawa shi ne `autovacuum`. Amma ba ya taɓa mataccen layin da wani tsohon aiki zai iya buƙata. Ma'aikaci ya buɗe aiki da `BEGIN` ranar Alhamis, ya tafi gida bai rufe ba. Kafin Litinin tebur ya kumbura. A `pg_stat_activity` za ka gan shi, an rubuta `idle in transaction`. Rufe shi tukuna. Ko an yi sharar, tebur ba ya cika raguwa, wurin dai zai sake amfanuwa.

Wani lokaci kuma kundin `pg_wal` ne ya cika, saboda uwar garken da ke kwafar bayanai ta tsaya, ana ta ajiye mata. Don Allah kada ka goge fayilolinsa da hannu, rumbun zai iya ƙin tashi. Duba `pg_replication_slots` ka ga wa ake jira.